Littafin Ciko: Yadda Muke Koyon Tara Cinikin Shago da Ka

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Madannin 7 na kalkuletar shagona ya fara gardama tun makon jiya. Wani lokaci ka danna ya ƙi fitowa, wani lokaci ya fito sau biyu. Ranar Asabar da dare ni da ɗan yayata, wanda ke taya ni zaman shago a nan Tudun Wada, muka tara cinikin yini sau uku, muka samu jimla uku daban-daban. Waya kuma ba caji. Sai na ce bari mu tara da ka, nan fa na ji kunya. Ni da ke ba da canji ido rufe, shafi mai layi 20 ya ci mini sama da minti huɗu, kuma amsar ba ta fito daidai ba.

Abin da na ƙudura shi ne kafin ƙarshen shekara ni da yaron nan mu iya tara shafi guda na littafin ciniki ba tare da na'ura ba, ta hanyar haɗa kowace lamba da cikonta, wato wadda za ta cika ta goma ko ɗari. Na kashe N300 a littafin rubutu, N150 a jan biro. Kwalin taliya na yayyanka na rubuta lambobi a kai, wannan kyauta ne.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Cikon goma guda biyar ne kacal: 1 da 9, 2 da 8, 3 da 7, 4 da 6, sai 5 da 'yar'uwarta 5. Kowa ya san wannan. Aikin shi ne ido ya riƙa ganinsu kafin baki ya fara ƙirga. Ina ɗaga kwali, shi kuma ya faɗi cikon, ba lambar da ke jiki ba. Na ɗaga 7 ya ce 3. Minti goma bayan La'asar, lokacin da ciniki ke lafawa.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Yau aka fara tara jeri, kuma yau aka fara tuntuɓe. Na rubuta masa lambobi goma: 7, 4, 8, 3, 6, 9, 2, 5, 1, 8. Kafin in ajiye biro ya ce, "Hamsin da biyar, Kawu." Na ce ya sake. Ya sake, ya ce 55 ɗin dai.

Muka bi a hankali. 7 ta tafi da 3, 4 ta tafi da 6, 9 ta tafi da 1, 8 ta tafi da 2. Goma huɗu ke nan, 40. Saura 5 da ɗaya takwas ɗin, 13. Jimla 53. Ashe takwas biyu ne a jerin, 2 kuma guda ɗaya ce, shi kuwa ya aurar da ita ga dukansu. Da ya iso kan 8 ta ƙarshe idonsa ya tuna ya ga 2 a sama, ya manta an riga an ɗauke ta.

Wannan shi ne aibin hanyar. Mai tarawa daga sama zuwa ƙasa yana da nawa, amma ba ya taka lamba sau biyu. Mai neman ciko tsalle-tsalle yake yi a shafi, don haka ko ya maimaita wata ko ya bar wata a baya. Daga yau doka biyu. Duk lambar da aka haɗa a soke ta da jan biro nan take. Sannan kafin a faɗi amsa a ƙirga: lambobi goma, an haɗa biyu-biyu sau huɗu, takwas sun tafi, dole a ga biyu a tsaye. Idan ka ga guda ɗaya tal ta rage, kamar yadda shi ya ga 5 kaɗai, akwai wadda ka ci sau biyu.

Ya ce ai in da biro ne to ba da ka aka yi ba. Na ce masa biron ba ya tara komai, shaida kawai yake yi.

Talata, 12 ga Nuwamba

Na je saro kaya Sabon Gari, ban dawo ba sai Magariba. Ba a yi komai ba.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Mun ƙara na uku-uku masu cika goma: 5, 3, 2 da 4, 4, 2 da 3, 3, 4 da 7, 2, 1. Akwai kuma masu cika ashirin, kamar 8, 7, 5 da 9, 6, 5 da 7, 7, 6. A ganina na ashirin ɗin ba su cancanci a tsaya nemansu ba. In sun faɗo ido a ɗauka, in ba su faɗo ba a wuce.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Mun shiga cikon ɗari, kuma a nan ne na gano ramin da kuɗi ke zurarewa.

Na ce masa, 37 me zai cika ta ɗari? Ya ce 73. Na gane yadda aka yi: ya ba 3 cikonta 7, ya ba 7 cikonta 3, kowace ya kai ta goma. Amma 37 da 73 ɗari da goma ne. Amsar ita ce 63. Dalili kuwa, idan 7 da 3 na ƙarshe suka haɗu sun riga sun haifi goma guda, wannan goman zai haura ya shiga cikin gomomi. Saboda haka gomomin tara kawai ake nema daga gare su, na goman yana tafe daga baya. Muka mai da shi waƙa: ta gaba tara, ta baya goma. 37 da 63, 48 da 52, 16 da 84, 71 da 29. Sai in lambar ta ƙare da sifiri, kamar 40, nan babu abin da zai hauro, cikonta 60 ne kai tsaye.

A shago farashi ba ya zuwa 37, 370 yake zuwa. To a rufe sifirin ƙarshe da yatsa, cikon ɗari ya zama cikon dubu: 370 da 630. Da na faɗi haka sai gabana ya faɗi, na tambaye shi, in mutum ya sayi kayan 370 ya ba ka dubu ɗaya nawa kake mayar masa? Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wallahi Kawu, ina jin na taɓa ba da ɗari bakwai da talatin." Naira ɗari ke nan a kowane karo. Ban yi faɗa ba, don ni ne ban taɓa zaunar da shi na gwada shi ba. Na dai daina zargin aljihun tebur.

Alamar wannan kuskuren ba ta ɓuya: giɓin kullum 10 ne cif a lissafin ɗari, 100 cif a lissafin dubu.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Shafin farko na gaske, layi 14 daga cinikin safiyar yau: 350, 1,200, 650, 480, 2,750, 800, 150, 520, 250, 900, 1,850, 370, 100, 640.

Ga yadda na bi. 350 da 650, dubu ɗaya. 1,200 da 800, dubu biyu, uku ke nan a hannu. 480 da 520, huɗu. 2,750 da 250 dubu uku ne, bakwai. 1,850 da 150, tara. 900 da 100, goma. An soke 12, saura biyu, ƙirga ta yi daidai. 370 da 640 ba su cika cif ba: cikon 370 shi ne 630, an samu rarar 10, wato 1,010. Jimla 11,010. Ƙasa da minti ɗaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne kaina bai riƙe wata doguwar lamba ba. Ɗaya, uku, huɗu, bakwai, tara, goma, iyakar abin da na ɗauka ke nan har ƙarshe. Wani ya shigo sayen ashana a tsakiya, na sallame shi na dawo na ci gaba daga "bakwai". Da tsohuwar hanya ce ina riƙe da wani abu irin 5,430, da sai dai in koma farko.

Alhajin da ke sayar da hatsi kusa da ni yana kallonmu yana dariya. Shi har yau da jaka yake lissafi, naira 200 jaka guda, jaka biyar dubu. Ya ce, "Yaran zamani, sai yanzu kuka gano a ɗaure kuɗi dami-dami?" Gaskiyarsa.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Murna ta koma ciki. Shafin ranar Alhamis sa'a ce kawai. Na yau ya zo da 430, 430, 780, 1,340, 290, 860, 430, babu guda biyu da suka cika dubu. Yaron ya yi ta sama da ƙasa yana neman 570 da ba ta nan, har ya ɓata lokacin da ya fi na tarawa a jere.

Mafitar da muka samu ita ce a daina neman cikon lamba sukutum, a tsaga ta gida-gida. Gomomi tukuna: 3, 3, 8, 4, 9, 6, 3. A nan 4 da 6 goma ne. Uku sau uku 9, da ɗaya taran 18, da takwas 26. Duka 36, wato 360. A rubuta a gefe. Sai ɗaruruwa: 4, 4, 7, 13, 2, 8, 4. Ga 2 da 8 goma, ga 7 da 13 ashirin, huɗu sau uku 12. Duka 42, wato 4,200. A haɗa da 360, ya ba da 4,560.

Ciko na lamba sukutum sai an yi dace, amma a cikin gida guda lambobi tara ne kawai ke yawo, don haka in jerin ya yi tsawo da wuya a rasa masu haɗuwa. Sabuwar doka: kallo ɗaya daga sama zuwa ƙasa, a kwashe waɗanda suka fito fili, ragowar a tsaga su. Ba a komawa kallo na biyu.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Hazo ya sauko, tari ya kama ni. Kwali kawai muka yi, shi ya riƙe ni ina amsawa. 26 da 74 ce ta fi tsayar da ni, ban san dalili ba.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Mun gwada na kusa da cika. Wannan ba baƙon abu ba ne a bakinmu, don kullum muna cewa ashirin ba ɗaya, ɗari biyar ba hamsin. To 290 ɗari uku ba goma ne, 690 ɗari bakwai ba goma, a haɗe dubu ba ashirin, 980. Ana ƙirga shi a matsayin dubu, a rubuta bashin 20 a gefen shafi. In rara ce, kamar 480 da 530, a rubuta rarar 10 a wani gefen. A ƙarshe a daidaita.

Matsalar ita ce mantuwar wane gefe. Sau biyu yau ya cire abin da ya kamata ya ƙara, 1,010 ya koma 990. Na lura giɓin 20 ne, ninkin goman da aka juya. Na rubuta wannan a bangon littafi don in tuna.

Laraba, 4 ga Disamba

Yau ce ranar da ta fi muni tun da muka fara, kuma laifina ne, ba na yaro ba.

Akwai wata Hajiya a layinmu da ke ɗaukar kaya, ta biya a ƙarshen wata. Ta aiko jikanta a tara mata. Na buɗe shafinta, ina jin kaina gwani, idona ya faɗa kan 1,850 na man gyaɗa da wata 150 a ƙasa, na ce dubu biyu na soke. Na gama na ba yaron takarda. Bayan Azahar sai ga ta da kanta, da 'yar takardarta a ƙulle a bakin mayafi. Ta ce, "Ɗan nan, lissafinka ya ɗara nawa da ɗari uku. Ko farashi ne ya tashi ba a gaya mini ba?" Na ce, "Hajiya ki zauna, yanzu za a duba."

Na fara neman layin 300 da na maimaita, babu wani 300 a shafin. Na duba ko kuskuren tara da goma ne, amma shi ɗari-ɗari yake zuwa, kuma da wuya in yi shi sau uku a shafi ɗaya. Sai na tuna abin da na rubuta a bangon littafi ranar Asabar. Na raba 300 biyu, 150. Na je kan layin, ga kalmar "biya" 'yar ƙarama a gefensa da rubutun hannuna. Canjinta ne da ta taɓa bari ta ce a rage mata a bashi. Kamata ya yi a cire shi daga 1,850 a samu 1,700, ni kuwa na ƙara na samu 2,000.

Abin da ya ja ni shi ne kyan haɗuwar. Ido ya saba da farautar ciko, da ya ga 850 da 150 bai tsaya karanta abin da ke gefe ba. Da a jere nake tarawa, da na karanta layin gaba ɗaya. Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, amma ta ƙara da cewa takardarta ba ta taɓa yi mata ƙarya ba. Na haɗiye.

Da dare na sayo rula N200, na ja layi a tsakiyar kowane shafi na littafin bashi. Kayan da aka ɗauka hagu, kuɗin da aka biya dama. Kowane gefe a tara shi shi kaɗai, sannan a cire sau ɗaya a ƙarshe. Ba a haɗa ciko a tsallaka layin nan ko da ya yi kyau kamar me.

Lahadi, 8 ga Disamba

Wani malamin lissafi na sakandare da ke sayen sukari a wurina ya tarar da mu da kwalaye. Na ba shi labarin Hajiya, ya yi dariya, sannan ya nuna mana gwajin tara, wato na lamba 9, don tantance amsa. Ana tara lambobin da ke cikin kowane farashi har su koma guda ɗaya. Muka ɗauko shafin 25 ga Nuwamba: 430 ta ba da 7, kuma sau uku ta zo. 780 ta ba da 15, wato 6. 1,340 ta ba da 8. 290 ta ba da 11, wato 2. 860 ta ba da 14, wato 5. A tara su: 21 da 6 da 8 da 2 da 5, 42 ke nan, wato 6. Sai a yi wa amsar haka: 4,560 ta ba da 15, wato 6. Sun yi daidai. Da na yi kuskuren ɗari na rubuta 4,460, da 5 za ta fito, asiri ya tonu.

Shi da kansa ya faɗi inda gwajin yake makancewa. Idan ka juya lambobi, ka rubuta 4,650 a maimakon 4,560, 6 ɗin dai za ka samu. Haka in ka karanta 80 a matsayin 800. Duk giɓin da 9 ke raba shi cif, gwajin ba ya ganinsa. Amma ya ce wannan ma labari ne: ranar da kuɗin aljihun tebur suka saɓa da littafi, kuma giɓin ya rabu da tara, kamar 180 tsakanin 640 da 460, ko 720 tsakanin 80 da 800, a fara neman lambar da aka juya ko sifirin da ya ƙaru.

Kafin ya tafi ya ba yaron labarin Gauss, masanin lissafin nan na Jamus da aka haifa a 1777, wanda ake cewa yana ɗan makaranta aka ce su tara 1 zuwa 100, ya haɗa ta farko da ta ƙarshe, 101 sau 50, ya ce 5,050. Yaron ya ce shi da cikon ɗari zai yi: 1 da 99, 2 da 98, har 49 da 51, ɗari sau 49, 4,900. Saura 50 da ba ta da aboki, da 100 da ta cika da kanta. 5,050. Malam ya ce, "Madalla, ɗana." Yini ya yi yana washe baki.

Laraba, 11 ga Disamba

Gwajin tara ya rikita masa ciko. Sau biyu ya haɗa 4 da 5 ya ce goma. Na karɓe gwajin daga hannunsa, ni zan riƙa yi bayan ya gama. Zai koma kansa a Janairu in Allah ya kai mu.

Asabar, 14 ga Disamba

Gwaji na makon nan, shafi shida masu layi 20, kowa da nasa kwafi. Na ari kalkuletar Alhaji don tantancewa. Ni na samu biyar daidai, kowanne wajen minti ɗaya da rabi. Wanda na faɗi, giɓin 250 ne, kuma ga 250 a layi na ƙarshe ba soka a kanta, na yi gaggawa ban ƙirga ragowa ba. Shi ya samu huɗu, a wajen minti biyu. Cikin biyun da ya faɗi, ɗaya giɓin 100 ne, tsohon ciwon nan na tara da goma.

Abin da aka kashe zuwa yau N650 ne: littafi, jan biro da rula. Canjin shago bai sake yin ƙasa da ɗari cif ba tun ranar 17 ga watan jiya.

Mako mai zuwa zan ɗauki rasit ɗin dilan da nake saro kaya wurinsa a Sabon Gari. Shi lambobinsa manya ne, irin su 18,500 da 46,750, kuma kowane layi sai an ninka kafin a tara. Niyyata in rufe sifiri, in tsaga dubbai daban ɗaruruwa daban kamar yadda muka yi ranar 25 ga Nuwamba, in gwada da na ranar Talata mai layi tara. Yaron kuma zai koma kan kwali minti biyar kullum, cikon dubu kawai, daga 110 zuwa 890.